Shirin Musamman: Awon Kamfani Daban, Abin da Ya Shiga Ciki Daban

 Mutanen Gidan Amumune da na Mayahi da Tasawa, yau shirin namu zai tsaya ne a kan ƙananan rubutun nan da ke bayan kwalbar lemo da ledar biskit da gwangwanin madara, waɗanda suka cika teburan ƴan tireda. Wasu kayan daga Kano suke fitowa, su bi Katsina da Jibiya da Ɗan Isa su iso Maraɗi, rubutunsu da Turancin Ingilishi, wasu kuma da Faransanci. Lambobin da ke jikinsu an lissafa su ne a kan wani awo da kamfani ya zaɓa, kuma ba lalle ne awon ya yi daidai da abin da kai ka ci ba. Wanda ya karanta lambar bai duba awon ba, yana iya kuskuren da ya kai ninki biyu.

Abu uku ake nema a jikin kaya. Na farko nauyin abin da ke ciki duka, inda aka rubuta «Poids net» ko «Net weight». Na biyu awon ci ɗaya da kamfani ya yanke, wato «Portion» ko «Serving size». Na uku layin da ke cewa «Pour 100 g» ko «Per 100 g», wanda ke nuna sukari da mai da gishirin da ke cikin kowane giram ɗari. Na ukun nan ya fi zama abin dogaro, domin giram ɗari bai canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta shi, ta bar awon ci ɗaya a matsayin ƙari ga mai so. Awon ci ɗaya kuwa ba shawarar likita ba ce, kuma da zarar an ƙanƙanta shi, lambar sukarin da ke gefensa sai ta yi ƙanƙanta a ido.

Mu ɗauki kwalbar lemo ta roba mai rabin lita, irin wadda ake sha da sanyi ranar kasuwa. A wuyanta za ka ga 50 cl, wato mililita 500 ke nan. A lura da wannan, domin mutane da yawa a nan suke ruɗewa: santilita ɗaya mililita goma ce. Lemon kwalba mai zaƙi yakan ɗauki giram 10 zuwa 11 na sukari a kowace mililita ɗari. To, a ce kamfani ya yanke awonsa a mililita 250, ya rubuta sukari giram 26. Mai karatu ya ga 26, ya ɗauka shi ke nan. Amma wa ke shan rabin kwalba a zafin watan Afrilu ya rufe sauran sai gobe? Kwalbar awo biyu ce, don haka wanda ya shanye ta ya sha giram 52. Cokalin shayi ɗaya na sukari kusan giram huɗu ne, ke nan cokali goma sha uku. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi goma cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a yini, abin da ya kama kusan giram 50 ga babban mutum. Kwalba ɗaya ta cinye rabon yinin, tun ba a zo kan shayin safe da na hira ba. Ga mai ciwon sukari da ke ƙoƙarin kiyaye abin da likita ya ce, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Wani zai ce, malam, mu a nan damuwarmu abinci ya isa, musamman da bazara ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa, ba lissafin sukari ba. Maganar gaskiya ce, sai dai lissafin nan ta ɓangaren ƙaranci ma yana aiki, kuma nan ya fi tayar mini da hankali. Abincin tamowa da ake bayarwa a asibitocinmu, Plumpy'Nut, wanda kamfanin STA ke sarrafawa a Yamai, leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Ma'aikacin lafiya yana auna nauyin yaro ne kafin ya faɗi leda nawa zai ci a yini. Idan an ce leda biyu, sai uwa ta ga ƴan'uwansa na kallo ta ba su ɗaya, yaron ya samu kalori 500 maimakon 1000. Ba na ɗora wa uwar laifi, tausayi ne ya sa ta. Amma ranar awo sikeli zai nuna yaron bai ƙaru ba, har a yi zaton maganin ne bai yi aiki ba. Haka madarar gari: amfanin da aka rubuta na kofi ɗaya ne da aka haɗa yadda kamfani ya ce. In an raba awon a kofi uku na shayi, kowa sulusi ya samu, ko da ruwan ya yi fari.

Akwai kuma mai cewa ai mu a kwano ɗaya muke ci, ta yaya za a san rabon kowa? A nan tukunya ake lissafawa, sannan a raba da yawan masu ci. Dunƙulen miya, ko ƙaramin nan mai giram huɗu da ke zuwa daga Nijeriya ko babban mai giram goma, kusan rabinsa gishiri ne. Uwargida da ta jefa manya uku ta zuba gishiri kusan giram 15 ke nan, kafin ta ƙara na hannu. In mutum goma ne a gidan, kowa ya samu giram ɗaya da rabi. In biyar ne, giram uku-uku, alhali Hukumar Lafiya ta ce kada babba ya kai giram biyar a yini. In kuma «Sodium» aka rubuta a ledar maimakon gishiri, sai a ninka lambar sau biyu da rabi kafin a samu gishirin. Lissafin ba zai fito daidai cif ba, don wani ya fi wani shan miya, amma ya ishi gidan da ke da mai hawan jini ya gane ko dunƙule za a rage ko gishiri.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta karatu. Rubutun ƙanana ne, da harshen da yawancinmu ba mu ji, kuma biskit ko madarar da aka ƙulla a farar leda ba ta da rubutu ko kaɗan. Ga kayan ƙulli, sai a nemi mai tireda ya nuna kwalin asali. Ga sauran, lambobi iri ɗaya ne a kowane harshe, kuma ɗan makarantar firamare da ya iya rabawa da ninkawa zai iya: ya raba nauyin duka da awon ci ɗaya, ya ninka sukarin da abin da ya fito. Duk da haka bai kamata nauyin duka ya hau kan mai saye ba. A 2016 hukumar abinci ta Amurka ta sauya dokarta, ta ce kayan da bai kai awo biyu ba a lissafa shi a matsayin ci ɗaya, wanda ya kai awo biyu zuwa uku kuma a yi masa layi biyu, ɗaya na awo, ɗaya na ledar duka. Hukumar NAFDAC a Nijeriya, inda kaya da yawa na kasuwanninmu ke fitowa, da hukumomin kula da ingancin kaya a Yamai, suna iya neman haka daga kamfanoni, domin mai sayen kwalbar rabin lita a Gidan Amumune ya ga 52 a rubuce ba sai ya yi lissafi ba.