Duk, wasu, kaɗai, babu: yadda ake mai da magana alamomin manɗiƙi

A kwas ɗin manɗiƙi na jami'a, musamman a sashen kwamfuta da na lissafi, akwai makon da ɗalibai ke shan wuya a kan kalmomin da ko yaro ya sani: duk, wasu, kaɗai da babu. Ana so su ɗauki jumla su rubuta ta da alamomi ta yadda ba za ta ɗauki ma'ana biyu ba. Tsarin ya samo asali daga aikin da Bajamushe Gottlob Frege ya wallafa a 1879, ko da yake tun zamanin Aristotle ake nazarin irin waɗannan jumloli, kuma Al-Maghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi.

Kayan aikin ba su da yawa. Alamar ∀x tana nufin "kowane x", ∃x kuwa "akwai aƙalla x ɗaya". Sai ∧ a madadin "kuma", ¬ a madadin korewa, da kibiya → a madadin "idan… to…". Kibiyar nan doka ɗaya gare ta: ba ta zama ƙarya sai in gabanta gaskiya ne, bayanta ƙarya.

A ɗauki mutanen wata kasuwa. M(x) na nufin x mahauci ne, W(x) na nufin x yana da wuƙa. "Duk mahauci yana da wuƙa" ta zama:

```
∀x (M(x) → W(x))
```

Wato ko wa aka tsayar a kasuwar, idan mahauci ne, to yana da wuƙa. Ɗalibi mai gaggawa yakan sa ∧ a gurbin kibiya, sai ya wayi gari ya ce kowa a kasuwar mahauci ne mai wuƙa, har da tela da mai sayar da tumatir.

"Wasu mahauta suna da wuƙa" kuwa ∧ ɗin take buƙata:

```
∃x (M(x) ∧ W(x))
```

Nan kuskuren ya fi wuyar gani. Wanda ya rubuta ∃x (M(x) → W(x)) zai ga kamar ya yi daidai. To amma a sa tela a gurbin x. Tela ba mahauci ba ne, gaban kibiyar ya zama ƙarya, don haka kibiyar gaskiya ce. Ke nan jumlar ta tabbata saboda tela kawai, ko da duk mahautan kasuwar sun zo hannu rabbana. Haka ake gwada fassara: a ƙirƙiri 'yar kasuwa mai mutum biyu ko uku inda maganar asali ƙarya ce, a duba ko alamomin ma sun ƙaryata. In suka gaskata, an yi kuskure.

Wani abu kuma, ∃ ba ta san jam'i ba. Mahauci ɗaya ya isa, kuma in duk mahautan na da wuƙa, jumlar ba ta karye ba, ko da yake a hira wanda ya ce "wasu" galibi yana nufin ba duka ba.

"Kaɗai" ce ta fi kayar da mutane. "Mahauta kaɗai ke da wuƙa" ba ta yi wa kowane mahauci alkawarin wuƙa ba. Abin da ta ce shi ne, duk wanda aka gani da wuƙa mahauci ne. Saboda haka kibiyar juyawa take yi:

```
∀x (W(x) → M(x))
```

Mahaucin da ya manta wuƙarsa a gida bai karya wannan ba. Mai yankan albasa da aka kama da wuƙa shi ke karya ta. In ana nufin duk mahauta suna da ita kuma su kaɗai, sai a yi amfani da kibiya mai kai biyu, ↔.

"Babu mahaucin da ke da wuƙa" tana da rubutu biyu masu ma'ana ɗaya: ¬∃x (M(x) ∧ W(x)), ko ∀x (M(x) → ¬W(x)). Wurin ajiye ¬ ne abin lura. In aka rubuta ¬∀x (M(x) → W(x)), an ce "ba duk mahauci ke da wuƙa ba", wanda mahauci ɗaya marar wuƙa ya isa ya tabbatar.

Sai kasuwar da babu mahauci ko ɗaya. A nan "duk mahauci yana da wuƙa" gaskiya ce, tunda babu wanda zai karya ta, "babu mahaucin da ke da wuƙa" ma gaskiya ce. Kunne yakan ƙi wannan, kuma a tsarin Aristotle ana ciro "wasu" daga "duk" kai tsaye. Tsarin zamani bai yarda ba; mai son ya ce akwai mahautan dole ya ƙara ∃x M(x) da hannunsa.