Me ya sa kwamfuta ke cewa babu sunanka, alhali yana ciki?

Sau da yawa mutum kan je asibiti ko ofishin makaranta, ma'aikaci ya buga sunansa a kwamfuta, ya ɗago kai ya ce, "Malam, babu sunanka." Galibi sunan yana nan daram, sai dai wanda ya shigar da shi ya rubuta Mohammed, mai nema kuma ya buga Muhammad. Na'ura ba ta san cewa mutum ɗaya ne ba. Harufa kawai take gwadawa ɗaya bayan ɗaya, kuma da zarar guda ya saɓa sai ta wuce.

Irin waɗannan ofisoshi suna ajiye sunaye ne a tebur cikin rumbun bayanai, kuma yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi shi ne SQL. A yaren akwai kalmar `LIKE`, wadda aikinta neman sunan da ya dace da wani tsari, ko da bai zo daidai harafi da harafi ba. Alamomi biyu take aiki da su. Ta farko `%`, tana tsayawa a madadin harufa komai yawansu, har da rashin harafi ko ɗaya. Ta biyu `_`, tana tsayawa a madadin harafi ɗaya tak.

A ce muna da teburin ɗalibai mai suna `dalibai`, da gurbin `suna`, kuma a ciki an rubuta Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Mahamadou kamar yadda ake rubutawa a Nijar, da Mamman. Ga yadda za a nemo su:

```sql
SELECT suna FROM dalibai
WHERE suna LIKE 'M_ham%d%';
```

Tsarin yana cewa sunan ya fara da M, sai harafi ɗaya kowane iri, sai ham, sai ko mene ne, sai d, sai ko mene ne kuma. Muhammad ya shiga, domin u ta cike gurbin `_`. Mohammed ya shiga da o, Mahamadou da a. Alamar `%` ta ƙarshe ita ta ba Muhammadu hanya, ba tare da ta kori Muhammad wanda ya tsaya a d ba. Mamman kuwa ba zai fito ba, ko da duk unguwa ta san Muhammadu ne, saboda babu ham a rubutun sunansa. Nan ne iyakar `LIKE`: tana gane kamannin rubutu, amma laƙabi da alkunya sai mutum.

Bambancin alamomin biyu ya fi fitowa a sunaye masu hamza. Wani zai rubuta Mu'azu, wani Muazu. Tsarin `'Mu_azu'` zai kamo na farko kaɗai, domin dole a sami wani abu a gurbin `_`. Tsarin `'Mu%azu'` kuwa zai kamo duka biyun. Wannan dabara tana kuma kawar da wata matsalar: alamar da muke rubuta hamza da ita, ita ce SQL ke buɗe rubutu da rufe shi da ita. Mai son buga Sa'adatu kai tsaye sai ya ninka alamar, ya rubuta `'Sa''adatu'`, in ba haka ba rumbun zai ɗauka rubutun ya ƙare a Sa, ya ce an yi kuskure.

Sai batun babban baƙi da ƙarami, inda aka fi yin tuntuɓe, domin kowace manhaja da ɗabi'arta. PostgreSQL da Oracle, a yadda suke zuwa, suna ɗaukar A da a a matsayin harufa biyu daban. MySQL kuwa, a tsarinsa na asali, bai damu da wannan bambanci ba. Saboda haka umarni ɗaya yana iya ba da amsa biyu. A ce mai neman Ali ya buga `'%ali%'`. A MySQL zai sami Ali da Aliyu, haɗe da Halima, Salisu da Khalid, domin duk akwai ali a cikinsu. A PostgreSQL zai sami Halima, Salisu da Khalid, amma Ali da Aliyu ba za su fito ba, tunda A ɗinsu babba ce. An je neman mutum ɗaya an dawo da maƙwabta, shi kuma an baro shi. Haɗarin shi ne na'urar ba za ta yi ƙorafin komai ba. Jerin sunaye zai fito, mai aiki ya ɗauka ya gama.

Maganin shi ne a mayar da sunan ƙananan baƙaƙe kafin a gwada shi:

```sql
SELECT suna FROM dalibai
WHERE LOWER(suna) LIKE 'ali%';
```

Da haka ALI da Ali da ali duk sun zama ɗaya, kuma cire `%` ta farko ya sallami Halima da Salisu. PostgreSQL yana da tasa gajeriyar hanyar, wato `ILIKE`, amma ba kowace manhaja ce ta san ta ba.

Masu rubutun Hausa suna da ƙarin tarko a harufa masu lanƙwasa. SQLite, wanda ke cikin kowace wayar Android, yana daidaita babban baƙi da ƙarami ne a harufan Turanci 26 kawai. A wurinsa D da d ɗaya ne, amma Ɗ da ɗ daban suke, haka Ƙ da ƙ, kuma `LOWER` ɗinsa ba ya taɓa su. Ga kuma cewa ma'aikata da yawa Danjuma suke bugawa maimakon Ɗanjuma. Tsarin `'_anjuma'` yana kamo kowanne daga cikinsu, tunda harafin farko ne kaɗai ke sauyawa.

Akwai farashi ga sa alama a farkon tsari. Rumbun bayanai yakan ajiye fihirisar sunaye a jere, daga A zuwa Z. Idan an ce `'Ali%'`, yana iya zuwa kai tsaye wurin masu farawa da Ali. Idan kuwa an ce `'%ali%'`, fihirisa ta yau da kullum ba ta da amfani, sai ya bi layukan tebur duka. A rajistar aji ɗaya ba za a ji komai ba, amma a tebur mai miliyoyin sunaye jiran yakan yi tsawo.

Wanda yake aiki da Excel kada ya buga waɗannan alamomi. A can `*` ce ke aikin `%`, `?` kuma ke aikin `_`.

Yaya mutum zai gane ko bincikensa ya yi daidai? Hanya mafi sauƙi ita ce gwaji da sunan da ka tabbata yana cikin teburin. Ka neme shi daidai yadda aka rubuta shi a teburin, sannan da ƙananan baƙaƙe zalla. In amsa ta bambanta, manhajarka tana rarrabe su. Ka kuma fara da tsari mai faɗi, ka karanta abin da ya fito da idonka, sannan ka matse shi a hankali. Wani lokaci ma laifin ba na harafi ba ne: mai shigar da suna ya bar fili a gabansa, wanda ido ba ya gani, sai `'Ali%'` ya tsallake shi. `TRIM(suna)` yana share irin wannan fili.

Don haka ma'aikaci, kafin ka ce wa mutum babu sunansa ko ka buɗe masa sabon fayil, ka tambaye shi yadda aka rubuta a katinsa, ka kuma gwada tsari biyu ko uku. Fayil biyu ga majinyaci ɗaya yana nufin likita zai ga rabin tarihin ciwonsa ne kawai.