Kalmar sirrin daidai ce, shafin ya ƙi buɗewa

A watan Yuni na 2012 ɓarayin intanet suka baza bayanan kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 na masu amfani da LinkedIn. Ba kalmomin ne a fili suka samu ba, sakamakon lissafin SHA-1 ne da aka yi a kansu, amma cikin 'yan kwanaki an gano da yawa daga cikinsu. Tun daga nan masu kula da shafuka suka ƙara himma wajen barin tsofaffin hanyoyi irin su MD5 da SHA-1 su koma bcrypt ko Argon2. Ƙaurar ta zama dole, sai dai a tsakiyarta ake yawan rufe wa mutane ƙofa: mutum ya rubuta kalmar da ya shekara yana shiga da ita, shafi ya ce ba ita ba ce.

Shafin da aka gina da kyau ba ya ajiye kalmar sirrinka. Ranar da ka yi rajista yakan saka ta cikin wani lissafi, ya ajiye abin da ya fito, wanda masu sana'ar ke kira hash. Duk ranar da ka dawo sai ya maimaita lissafin a kan abin da ka rubuta, ya gwada da na ajiye. Lissafin ba ya komawa baya, kamar gero ne da aka kai inji: gari ba ya sake zama tsaba. Idan kalmarka `123456` ce, MD5 zai ba da `e10adc3949ba59abbe56e057f20f883e`, haruffa 32, kuma kullum su zai ba kowa. Ga shi da saurin tsiya, ɓarawo na iya gwada biliyoyin kalmomi cikin daƙiƙa. Shi kuwa bcrypt, wanda Niels Provos da David Mazières suka fitar a 1999, da gangan aka yi shi da nawa, kuma yana gauraya kowace kalma da wasu haruffa na kacici-kacici da ake kira gishiri, yadda mutum biyu masu kalma ɗaya ba za su sami hash iri ɗaya ba.

To a nan gizo ke saƙar. Tunda ba a ajiye kalmomin ba, babu yadda za a ɗauki tsohon hash a mayar da shi sabo. Lokaci ɗaya tak sabar ke ganin ainihin kalmar: sa'ilin da mai ita ya rubuta ta zai shiga. Wanda ya cire MD5 daga manhajarsa dare ɗaya ya sa bcrypt, gari na wayewa duk tsofaffin masu rajista za su tsaya a waje, sababbi kaɗai ke shiga. Wannan kuskuren yana da sauƙin ganewa da sauƙin gyara, domin tsofaffin bayanan suna nan lafiya. A dawo da tsohuwar hanyar tantancewa kusa da sabuwa, shi ke nan. Shi ya sa jagorar Django ke gargaɗin kada a goge tsohon tsari daga jerin `PASSWORD_HASHERS` alhali akwai masu dogaro da shi.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na biyu, domin yana faɗa wa wanda ya yi kusan komai daidai.

Mu ɗauka shafin wata makaranta ne da aka rubuta da PHP a kan rumbun bayanai na MySQL. Mai kula da shi ya tsara ƙaurar yadda ake so: ɗalibi ya zo, a tantance shi da MD5, idan ya wuce sai a yi wa kalmarsa sabon hash da `password_hash()` a rubuta a kan tsohon. Ranar Litinin kowa ya shiga, babu ƙorafi ko ɗaya. Ranar Talata waya ta fara ruri. Abin mamaki, waɗanda suka shiga jiya su ne aka hana yau, wanda ya yi wata bai leƙo ba kuwa ya shige abinsa. Aka ce wa masu kuka su sabunta kalmar sirri. Suka sabunta, shafi ya ce an yi nasara, suka gwada sabuwar, ita ma aka ƙi ta.

Laifin yana cikin gurbin ajiya. Shekarun baya an yanka shi daidai tsawon MD5, wato `CHAR(32)`. Hash na bcrypt kuwa haruffa 60 ne: bakwai na farko, misali `$2y$10$`, suna faɗin nau'in lissafin da nauyinsa, 22 gishiri ne, 31 na ƙarshe su ne ainihin sakamakon. Idan MySQL ba ya cikin yanayin tsauri, ba zai ƙi karɓa ba. Zai datse abin da ya yi saura ya ajiye 32, ya bar wani gargaɗi da manhajar ba ta dubawa. Bakwai da 22 sun tashi 29, ke nan haruffa uku kacal suka tsira daga cikin 31 da ake buƙata. Tun daga MySQL 5.7 yanayin tsauri yake zuwa a kunne, amma tsofaffin shafuka da yawa an kashe musu shi don kada tsohuwar manhaja ta riƙa tuntuɓe.

Tambaya ɗaya ga rumbun ta isa ta tona asiri:

```sql
SELECT LENGTH(password), password LIKE '$2y$%', COUNT(*)
FROM users GROUP BY 1, 2;
```

Duk layin da ya fara da `$2y$` amma tsawonsa 32, datsattse ne. Kuma ɓarnar ninki biyu ce, don an riga an rubuta shi a kan tsohon MD5 mai kyau. Kowane ɗalibi da ya shiga cikin nasara, asusunsa ya lalace a wannan shigar, saboda haka duk awar da aka ƙara ana neman dalili, adadin ƙaruwa yake yi.

Matakin farko shi ne a dakatar da sake rubuta hash ɗin nan take. Sannan a faɗaɗa gurbin:

```sql
ALTER TABLE users MODIFY password VARCHAR(255) NOT NULL;
```

Jagorar PHP da kanta 255 take ba da shawara, saboda hash na Argon2 ya fi na bcrypt tsawo, kuma wata ƙaurar na nan tafe. Faɗaɗawa ba ta dawo da haruffan da aka yanke. Idan akwai kwafin ajiya na kafin Litinin, sai a ɗauko tsohon MD5 na waɗanda abin ya shafa kawai a mayar musu, su shiga da tsohuwar kalmarsu. Idan babu, ba makawa sai kowannensu ya sabunta, kuma sai bayan an gyara gurbin sabuntawar za ta yi amfani. A ganina sakaci ne babba a fara irin wannan aiki ba tare da kwafi ba, haka nan a gwada shiga sau ɗaya a ce an gama. Gwajin da ke kama wannan matsala shi ne a shiga da tsohon asusu, a fita, a sake shiga.

Akwai kuma wanda ke hana kowa da kowa da aka sauya wa tsari, ko da gurbin ya isa. Tsohuwar manhaja takan lissafa hash ta nemi irinsa sak a rumbun. Da bcrypt wannan ba zai taɓa dacewa ba, don kowane lissafi da sabon gishirinsa. Dole a ɗauko na ajiye a miƙa wa `password_verify()`, ita ce ke zaro gishirin daga cikinsa.

Saura waɗanda ba sa dawowa, da MD5 ɗinsu zai yi ta zama shekara da shekaru. Su akan lulluɓe tsohon hash ɗin da bcrypt gaba ɗaya, a sa alama a layin, in mai shi ya dawo a bi matakan biyu a jere kafin a ba shi sabo tsantsa.

Kai kuma mai amfani da shafi, idan aka ƙi kalmarka bayan an sanar da gyare-gyare, kada ka yi ta gwadawa har a kulle asusun. Ka gaya wa masu kula ranar da ka shiga ta ƙarshe da ko ka sabunta kalmar kwanan nan, don waɗannan biyun ke nuna musu inda za su duba. Kalmar sirrin kanta kada ka ba kowa, ko da ya ce daga ofishin yake: gyaran ba ya buƙatarta.