Yadda Ake Tsara Bidiyon Wanke Hannu Domin Asibitin Ƙauye

Ranar awo ko ranar rigakafi a ƙaramin asibitin ƙauye ba wurin natsuwa ba ne. Mata sun cika benci, wasu sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, jarirai na tsala kuka, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. A irin wannan hayaniya ne bidiyon wayar da kai zai yi aikinsa, ko a talabijin ɗin da ke rataye a bango in akwai wuta, ko a wayar jami'ar lafiya. Don haka mai rubuta shi sai ya ƙaddara cewa rabin maganar ba za a ji ba. Hoto ne zai ɗauki nauyin saƙon.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a zaunar da likita da farar riga ya yi ta jero sunayen cututtuka. Matan da ke kan bencin sun daɗe da jin cewa tsafta na da kyau. Abin da ke hana su kai hannu ga sabulu shi ne idan sun dubi hannun sai su gan shi fes.

An gane haka a Ghana. Masu bincike, ciki har da Val Curtis ta makarantar nazarin tsafta da cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, sun tarar akwai sabulu a yawancin gidaje, amma na wanka ne da wanki, ba kasafai ake taɓa shi bayan fitowa daga banɗaki ba. Tallar da aka fara nunawa a 2003 sai ta bar wa'azi, ta nuna uwa ta fito daga banɗaki da wani launi mai ƙyalli a hannunta, duk abin da ta taɓa sai ya kama, har abincin yara. A cikin daƙiƙa 55 na tallar, daƙiƙa 4 kacal aka ba wanke hannu da sabulu. Ƙyama ce ta yi sauran aikin. A ƙauyukan jihar Andhra Pradesh ta Indiya kuma, shirin SuperAmma ya haɗa ƙyamar da ƙaunar uwa ga ɗanta, kuma bayan wata shida wanke hannu da sabulu ya tashi daga kashi 1 cikin ɗari zuwa 37.

Ga yadda za a iya ɗora wannan dabara a kan tsakar gida irin tamu, a bidiyon da bai wuce minti biyu ba.

Fitowar farko, kimanin daƙiƙa 20. Wata uwa a durƙushe tana yi wa jaririnta tsarki da buta. Ta gama, ta ɗauraye hannu da ruwa zalla, ta goge a gefen zane. Kyamara ta matso dab da tafin hannun, sai a ga shuɗin launi a tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ba sai an nemi na'ura ba, ɗan shuni da aka kwaɓa da man shafawa ya isa, don ruwa kaɗai ba ya fitar da maiƙo. Mai bayani ya ce: "Ta wanke da ruwa. Amma duba abin da ya rage."

Da gangan aka fara da kashin jariri. A gidaje da yawa ana ɗaukar sa ba komai ba, tunda nono kawai yaron ke sha, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa kamar na babba, wani lokaci ma fiye. Bidiyon da ya tsaya a kan babba yana fitowa daga masai ya bar wannan ƙofa a buɗe.

Fitowa ta biyu ita ce zuciyar aikin, a ba ta daƙiƙa 30. Hannun ya kama ludayi, shuɗi ya hau mariƙin. Ya malmala tuwo, shuɗi ya zauna a kan malmalar. Sannan a kawo kwano ɗaya na ruwan wanke hannu, yara uku su tsoma bi da bi, ruwan yana ƙara rinewa, ƙaramin cikinsu ya tsoma a ƙarshe ya kai loma baki. A nan mai bayani ya yi shiru tukuna, sai bayan lomar ya ce: "Ido bai gani ba, amma ciki ya karɓa." Fitowa ta uku gajera ce: dare, fitila, yaron a kwance lakwas, uwar na haɗa ruwan gishiri da sukari. Kada a kashe yaron a labarin. Tsoro in ya yi yawa, masu kallo kawar da kai suke yi.

Daga nan sai a mayar da labarin baya zuwa wurin tsarkin, a nuna yadda ya kamata a yi. Yayar jaririn ce ke zuba ruwa daga buta, ruwan na gangarewa ƙasa, ba cikin kwanon da wani zai sake amfani da shi ba. A jiƙa hannu, a shafa sabulu har ya yi kumfa, a cuɗa tafi da baya, tsakanin yatsu, babban yatsa, a murza kan yatsu a tsakiyar tafi saboda farce. Cuɗar kaɗai ta kai aƙalla daƙiƙa 20, kuma a nuna ta gaba ɗaya ba tare da yanke hoto ba, domin in an gaggauta ta a bidiyo haka za a gaggauta ta a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba ma'aikatan lafiya daƙiƙa 40 zuwa 60 daga jiƙawa har bushewa. A ƙarshe a yarfe hannu ya sha iska, kada ya koma gefen zanen nan. Kalmomin mai bayani su bi motsin hannun: "Tafi. Baya. Tsakanin yatsu. Ƙarƙashin farce."

Kayan da suka fito a hoton na iya rusa komai. Da zarar an nuna famfo da farin tangaram, matar da ke ɗebo ruwa daga rijiya za ta ce wannan na mutanen birni ne. A nuna buta, ko jarkar da aka huda aka rataye a kan sanduna ana taka igiya ruwa ya zubo, da guntun sabulu a daure kusa. In sabulu ya yi tsada, akwai hanyar da aka gwada a Bangladesh: giram 30 na garin omo a cikin lita ɗaya da rabi na ruwa, a gorar da aka huda murfinta. Toka kuwa a ambace ta a matsayin ta rashin sabulu kawai, don hujjar amfaninta ba ta kai ta sabulu ƙarfi ba.

Akwai kuma batun alwala, wanda ke buƙatar lallami. Wani zai ce sau biyar yake wanke hannu a yini. Bai kamata mai bayani ya yi jayayya da wannan ba. Ya ishe shi ya ce alwala tana nan a matsayinta, sabulu kuma nasa lokacin bayan tsarki ne da kafin a taɓa abinci.

Kafin a rarraba bidiyon, jami'ar lafiya ta kashe sautin ta nuna wa mata biyar ko shida, sannan ta ce, "Maman yara, me kuka gani?" In suka ce matar ta taɓa shuni ne wurin wanki, to fitowar farko ba ta yi ba, sai an matso da kyamara an haɗa tsarkin da launin a ɗauka ɗaya. In an miƙa musu buta da sabulu suka tsallake babban yatsa, to hoton wurin ya yi sauri, a sake ɗaukarsa a hankali.