An Goge Waya, Kalmomin Sirri Sun Ɓace: Ina Za Mu Nemo Su?

A ce ɗaliba 'yar aji shida a Bakura, wayar yayanta ta riƙa maƙalewa, aka kai ta wurin mai gyara a Talata Mafara ranar kasuwa, ya goge komai. Waya ta dawo garau, amma shafukan JAMB da NECO da ta adana a Chrome babu su, kalmar sirrin da wayar ke cike mata da kanta ita ma ta tafi.

Sau da yawa kayan suna nan. Idan an shiga Chrome da asusun Google, kuma daidaitawa tana kunne, shafukan da kalmomin sirrin suna ajiye a asusun, ba a cikin wayar kaɗai ba. Inda muke yawan tuntuɓe shi ne a buɗe mana sabon Gmail bayan gyara don a gama da sauri. Sabon asusu kuwa ɗaki ne wayam.

Don haka mu fara da tsohon adireshin. Mu shiga `passwords.google.com` da shi. Idan jerin kalmomin sirrin ya bayyana, an tsira. Sai mu buɗe Chrome, mu taɓa ɗigo ukun da ke sama, mu shiga `Settings`, mu tabbatar tsohon asusun ne a wurin, sannan mu duba ko `Bookmarks` da `Passwords` suna kunne. A ƙauyukan Maradun inda sabis ke rawa, sai an ɗan yi haƙuri kafin su sauko.

Ga hanyar gane gaskiya: shafin `chrome.google.com/sync` yana nuna adadin abin da ke cikin asusun. Idan ya nuna shafuka 14, suna nan. Amma kada hannu ya kai kan maɓallin gogewa da ke wannan shafin, domin ajiyar kanta yake sharewa. Idan kuma sifili ya nuna, to kayan ba su hau asusun ba, sai a bi kowane shafi a sake kalmar sirri. Wanda yake adana shafuka a Opera Mini kada ya neme su a Google, ita asusunta daban ne.

Idan kalmar sirrin Gmail ɗin ce aka manta, `g.co/recover` zai iya turo lamba ta layin da aka haɗa da asusun. Shi ya sa yar da tsohon layi ganganci ne.

Wani lokaci laifin sabunta manhaja ne. A ranakun 24 da 25 ga Yuli, 2024, kalmomin sirri sun daina bayyana wa dimbin masu Chrome a kwamfutocin Windows na kusan awa 18. Bayan Google ya gyara, rufe manhajar da sake buɗe ta kawai ya dawo da su.