Baƙo Ya Rubuta Abin da Bai Faru Ba: Yadda Mai Masauki a Tawa Zai Mayar da Amsa

Tawa gari ne da ake yawan yada zango. Wanda ya taso daga Yamai ko Ƙonni zai nufi Abalak, Agadas ko Arlit, sau da yawa a nan dare yake riskarsa. Ga kuma Adarawa da neman abinci ya kai Abijan, Kotonu da Libiya, waɗanda daga can suke zaɓa wa iyalansu masauki ko gareji ko shagon kayan gini. Yawancin waɗannan mutane ba su taɓa taka ƙofar wurin ba kafin su yanke shawara. Waya suke buɗewa, su duba taurarin da aka ba wurin a Google Maps, daga ɗaya zuwa biyar, su karanta abin da waɗanda suka riga su suka rubuta.

A babban birni, inda otal yake da ɗaruruwan masu sharhi, muryar mutum guda ba ta cika tasiri ba. A Tawa lissafin daban ne. Masaukin da mutum 5 suka ba tauraro huɗu-huɗu, in na shida ya zo ya ba shi tauraro ɗaya, matsakaicinsa ya faɗo daga 4 zuwa 3.5 a dare guda. In abin da mutumin ya rubuta gaskiya ne, sai a gyara aiki. Ciwon yana wurin da ya rubuta abin da bai faru ba, kuma a nan ne na ga masu sana'a na ƙwarai suna yi wa kansu ɓarnar da ta fi wadda baƙon ya yi musu.

Mu ɗauki misali, mu bi shi daki-daki. A ce ƙaramin masauki ne mai ɗaki goma sha biyu. A cikin Afrilu, lokacin da zafin Adar yake haura digiri 40, wani matafiyi ya kwana, ya wuce. Bayan kwana biyu sai ga sharhinsa da tauraro ɗaya: an karɓi jika 25 a hannunsa kuɗin ɗaki guda, babu wuta har gari ya waye, gidan ba shi da injin wuta, kuma masu wurin macuta ne. Mai gidan ya san ɗakinsa mafi tsada jika 15 ne, ya kuma san nawa ya kashe wajen sayen injin. Jininsa zai tafasa, kuma yana da hujjar jin haushi.

Kada ya rubuta komai a wannan ranar. Abin da zai fara yi shi ne ya buɗe littafin baƙi da ƙullin rasit, sannan ya kira yaron da ya kwana a bakin aiki, ya tambaye shi a keɓe ba tare da tsawa ba, domin yaron da aka tsorata abin da maigida yake so ya ji zai faɗa. Akwai tambayar da take gaba da kowace: shin mutumin ya ma sauka a nan kuwa? Yana faruwa matafiyi ya rikita masauki biyu masu suna kusa da juna, ko ya manna sharhinsa a kan alamar da ba ta wurin ba a taswira. In babu shi a littafi, amsar gajera ce: ba mu ga wannan ziyara a rajistarmu ba, wataƙila wani wuri ake nufi, ga lambarmu.

A misalinmu, a ce binciken ya nuna mutumin ya sauka, ya kuma biya jika 25, amma kuɗin ɗaki biyu ne, mai na'urar sanyi na jika 15 da mai fanka na jika 10. Wuta ta ɗauke wajen ƙarfe ɗaya na dare, injin ya ƙi tashi saboda batir, sai bayan kamar minti 40 aka tayar da shi. Ka ga yanzu sharhin ya rabu uku. Akwai abin da takarda za ta iya ƙaryatawa, wato farashi da rashin inji. Akwai abin da yake gaskiya, wato mutumin ya sha zafi cikin duhu a ɗakin da ya biya kuɗin sanyinsa. Akwai kuma zagi, kalmar macuta. Na farko ake gyarawa, na biyu a amsa shi a ba da haƙuri, na uku kuwa a bar shi inda yake kamar ba a gani ba.

Ga irin amsar da zan so in ga mai gidan ya rubuta:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Mun gode da ka sauka wurinmu. Gaskiya ne wuta ta ɗauke a daren, kuma injinmu bai tashi ba sai bayan kusan minti 40. A zafin Afrilu wannan wahala ce, muna ba ka haƙuri, kuma mun canza batirin. Game da kuɗi, ɗaki mai na'urar sanyi jika 15 ne, kamar yadda yake rubuce a allon ƙofa. Jika 25 da rasit ya nuna ta haɗa da ɗaki na biyu, mai fanka, na jika 10. In akwai abin da bai yi daidai da wannan ba, don Allah ka kira ni, ni ne mai gidan."

Amsar ta fara da laifin da gidan yake da shi, kuma da gangan ne. Wanda ya fi muhimmanci a cikin masu karatu shi ne mutum na uku, wanda yake zaune a Abijan yana neman inda mahaifiyarsa za ta kwana. Shi bai ga komai da idonsa ba, yana auna murya biyu ne kawai. Da ya ga mai gidan ya amsa abin da ba ya yi masa daɗi, har da adadin mintoci, zai gaskata shi a kan farashi. In kuwa ya ga an musanta komai, har ɗaukewar wutar da duk mazaunin yankin ya san tana faruwa, zai ɗauka sauran ma kare kai ne.

A lura kuma babu kalmar ƙarya a cikin amsar. An faɗi farashi, an faɗi inda yake rubuce, an bar mai karatu ya haɗa da kansa. Wannan ya fi ladabi, ya kuma fi daidai, domin mutumin da ya iso da dare a gajiye, ya miƙa kuɗi a dunƙule, ya farka cikin gumi, yana iya tuna abin a karkace ba da niyyar sharri ba. In ka kira shi maƙaryaci a bainar jama'a ka toshe masa hanyar dawowa. Google yana sanar da mai sharhi idan an amsa masa, kuma mai sharhin yana da damar gyara rubutunsa da taurarinsa. Mutum yakan gyara ne in an bar masa mutuncinsa.

Abin da ba a saka ba ma yana da nauyi. Ba a faɗi wanda ya kwana a ɗaki na biyu ba, ba a ɗora hoton katin shaidarsa ko takardar da ya cike ba. Na san zuciya tana so ta baje hujja, amma baƙo amana ne, kuma duk wanda ya ga ka tona sirrin wani don ka ci gardama zai san nasa ma bai tsira ba. A amsa da harshen da aka yi sharhin, Faransanci ko Hausa, kuma sau ɗaya. In mutumin ya dawo da sabon zagi, amsar farko tana nan, ta isa. Sai dai a sani, maɓallin amsawa, wanda wayoyi masu Faransanci suke nunawa da "Répondre", ba ya buɗuwa sai ga wanda ya tabbatar wa Google cewa wurin nasa ne. Gara a yi wannan tun kafin a buƙace shi.

Mutane da yawa suna zaton in sun kai ƙara Google zai goge sharhin saboda ƙarya ne. Kamfanin ba ya shiga tsakani ya tantance wanda ya fi gaskiya a kan farashin ɗaki. Abin da yake cirewa shi ne wanda ya saɓa ƙa'idojinsa, kamar sharhin bogi daga wanda bai taɓa zuwa ba, ko na abokin gasa, ko cin zarafi. Shi ya sa tara ƴan uwa da abokai su zuba taurari biyar-biyar ba dabara ba ce. Wannan ma sharhin bogi ne, ana iya share shi, kuma mai karatu yana gane yabo goma da suka sauka rana ɗaya. Halastacciyar hanya ita ce a roƙi baƙin da suka kwana da gaske su rubuta abin da suka gani.

Sai batun shari'a. Nijar tana da dokar laifuffukan intanet ta Yulin 2019, wadda ta haɗa da ɓata suna ta hanyar na'ura. A 2022 an cire hukuncin ɗauri daga wannan laifi, a Yunin 2024 kuma aka dawo da shi: ɗaurin shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Dokar tana hawa kan mai sharhi, tana kuma hawa kan mai gidan da ya fusata ya kira wani ɓarawo a rubuce. Ra'ayina shi ne kada a ambaci kotu ko jandarma a cikin amsa a kan saɓanin jika 10. Barazana takan juya kan mai ita. A 2014 wani masauki a garin Hudson na jihar New York, Union Street Guest House, ya shiga bakin duniya saboda ƙa'idar da ya rubuta ta cin tarar dala 500 a kan kowane mummunan sharhi daga mahalarta bikin da aka yi a wurinsa. Da labarin ya fita, mutanen da ba su taɓa kwana a can ba suka yi masa ruwan tauraro ɗaya. Kotu tana da ranarta, idan ƙazafin babba ne, kamar a ce an sace kayan baƙi ko an ba mutane guba, kuma wannan magana ce ta lauya, a ɗauki hoton rubutun da kwanan watansa a kai masa.

A Kaita, Tabalak da ƙauyukan arewacin Adar, ƙorafi ya fi yawo da murya a WhatsApp, daga zauren ƴan gari zuwa na ƴan ci-rani. A nan babu gurbin da amsa za ta zauna kusa da zargi, kuma in ka watsa martani ko'ina za ka isar da labarin ga waɗanda ba su ji ba. Abin da ya fi shi ne a nemi mutumin kai tsaye, ko ta hannun dattijon da yake jin nauyinsa, a nuna masa rasit, a roƙe shi ya gyara da bakinsa a zauren da ya fara magana. In ya ƙi, mai gidan ya yi saƙon murya guda, wanda bai wuce minti ɗaya ba, da tsari irin na amsar can: sallama, abin da ya faru da gaske, haƙuri, farashi, lambar waya. Ya saurare shi kafin ya tura zauren da aka fara maganar, ya kuma sa wani mai sanyin zuciya ya saurara, domin murya tana fallasa fushin da rubutu yake ɓoyewa. In an ji huci a ciki, a goge a sake ɗauka gobe.