Daga "za ni Samaru" zuwa "zan dawo": Yadda kalmar tafiya ta zama alamar lokaci mai zuwa a Hausa

A bakin Ƙofar Doka, inda masu babura da Keke Napep ke jiran masu fita daga birnin Zariya, tambayar da aka fi ji ita ce "Ina za ka?" Amsar kuwa ba ta wuce "Za ni Samaru", ko "Za mu Tudun Wada". Babu "je" ko "tafi" a cikin waɗannan jimloli, amma kowa ya san tafiya ake nufi, domin "za" ita ce ta ɗauki ma'anar. Wanda ya ba da amsar kuma yana iya ƙarawa da cewa, "Zan dawo kafin magariba." A nan ita wannan "za" ɗin ta daina nuna tafiya, lokaci take nunawa.

Masana kimiyyar harshe suna ganin waɗannan biyun asalinsu ɗaya ne, ta farkon ita ce uwa, ta biyun 'yarta. Kalma mai cikakkiyar ma'ana takan yi ta sassaƙewa a bakin masu magana har ta koma abin aikin nahawu kawai. Bafaranshen nan Antoine Meillet ne ya raɗa wa wannan rikiɗa suna a 1912. A littafinsu na 1993, Paul Hopper da Elizabeth Traugott sun kwatanta ta da gangara mai matakai: cikakkiyar kalma ta zama kalmar nahawu, sannan ta raunana ta jingina da maƙwabciyarta, daga ƙarshe ta manne ta zama ɗafi. Abin da ya sa Hausa ta dace da wannan nazari shi ne, matakan farko ba su ɓace ba. Ana jin su tare da na baya a rana guda, wani lokaci ma a bakin mutum guda.

Matakin tsakiya

Tsalle daga "za ni kasuwa" zuwa "zan sayi goro" ya yi nisa da yawa a yi shi lokaci ɗaya. Gadar da ke tsakani tana cikin jimloli irin "za ni farauta", "za su noma" da "za ta ɗiban ruwa". Abin da ya biyo bayan "za" a nan aiki ne, amma aikin da sai an tashi an je wani wuri ake yin sa. Mai sauraro yana ɗaukar saƙo biyu: mai maganar zai bar inda yake, kuma aikin bai auku ba tukuna. Saƙo na farko shi ne ainihin ma'anar kalmar, na biyun kuwa rakiya ya yi, tun da duk wanda ke kan hanyar zuwa yin abu bai riga ya yi shi ba.

Sai dai akwai lokutan da ɗan rakiyar ya fi muhimmanci ga mai ji. Almajirin da ya ce wa ɗan'uwansa "za ni barci" yana iya kasancewa a kan tabarmar da zai kwanta, babu inda zai taka. Abin da ya rage a cikin maganar shi ne niyya da kusantowar aikin. Idan irin wannan amfani ya yawaita, yaran da ke koyon harshen sukan ɗauka ma'anar ke nan tun asali.

Mahamane Abdoulaye na Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai ya bi diddigin wannan hanya a wata maƙala da ya buga a 2001 kan rikiɗar "za". A wasu kare-karen Hausa na ƙasar Nijar, abin da ke bin ta sunan aiki ne, kamar a "za ni tafiya" ko "za shi zuwa". Wannan siga ta fi kusa da tushe, domin har yanzu aikin yana zaune a gurbin suna, wato gurbin da "kasuwa" ko "Samaru" suke zama. A daidaitacciyar Hausa an ƙara taku ɗaya, aikatau tsurarsa ne ke biyowa: "zan tafi", "zai zo". Da irin wannan kwatanta kare-karen harshe ne masana suke jera matakan, kasancewar sauyin ya girmi rubuce-rubucen boko na Hausa.

Yadda ake gane an tsallaka

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce jimlolin da ma'anar tafiya ba za ta yiwu a cikinsu ba. "Zan zauna a nan" ba ta da wata tangarɗa, alhali da "za" tana nan da tsohuwar ma'anarta, da maganar ta ci karo da kanta. Haka "zan je Kano", inda aka kawo wani aikatau na tafiya domin "za" ta daina ɗaukar wannan nauyi. Sannan mai aikin ma ya sauya. Mutum ko dabba ko mota ne ke iya "za" wani wuri, amma ana cewa "wannan ɓangare na ganuwa zai rushe in damina ta yi ƙarfi", ga shi kuwa ganuwa ba ta da ƙafa, ba ta da niyya. A wannan mataki kalmar hasashe take yi.

Sauti ma yana ba da shaida, ko da yake rubutun yau da kullum yana ɓoye ta, tun da ba a sa alamar karin sauti. A "za ka kasuwa", karin "za" faɗau ne, yana farawa sama ya sauko, "ka" kuma tana sama. A "za ka sayi goro", "za" tana sama, "ka" ta koma ƙasa. Wakilin sunan da ya raunana haka yana da sauƙin haɗiyewa, shi ya sa "za ni" ta zama "zan", "za ya" ta zama "zai". Faɗuwar muryar da ake ji a "zan" da "zai" ita ce sawun gaɓar da aka haɗiye: wasalin ya tafi, karinsa na ƙasa ya tsaya.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowane mai jin Hausa zai iya yi. Yaron da aka aika Babban Dodo ya ƙi yana iya cewa "Ba za ni ba", maganar ta cika, an san tafiya ya ƙi. Amma "ba zan ba" ba ta tsayawa ita kaɗai, kunne yana jiran aikatau: ba zan je ba, ba zan yi ba. Cikakkiyar sigar tana iya riƙe jimla, gajeriyar kuwa sai da abin jingina.

Ita ma uwar ba ta tsira da lafiya ba. Ba a cewa "na za kasuwa jiya" ko "nakan za gona", a nan dole a nemi "je" ko "tafi". Tsohon aikatau ɗin ya ƙuntata a siga guda, yayin da danginsa na kusa, "zo" da "je", suke shiga kowane lokaci. Ana danganta su ukun da saiwa ɗaya, kuma sauyin "z" zuwa "j" a gaban wasalin "e" sananne ne a Hausa, shi ne ake gani a "kaza" da "kaji" a gaban "i", da "ciza" da "cije".

Tabon da ya rage a tsarin jimla

Ɗalibin nahawu da ya jera lokutan Hausa zai lura da wani baƙon abu. A "muna", "mukan" da "muka", wakilin suna ne a gaba, alamar lokaci tana biye. A "za mu" kaɗai aka juya, alamar ta riga wakilin suna. Tarihin kalmar ne ke warware wannan. Paul Newman, wanda ya fitar da babban littafinsa na nahawun Hausa a 2000, ya daɗe da nuna cewa a harsunan Cadi da dama, irin su Kanakuru, aikatau na motsi yakan ɗauki wakilin suna a bayansa wanda ke maimaita mai aikin. Hausa tana da ragowar wannan a "je ka" da "ya ka" da "ya ki nan". Bisa wannan bayani, "za ni" da "za mu" 'yan gida ɗaya ne da "je ka". Da kalmar ta zama alamar lokaci, sai ta taho da tsohon jerinta.

Ba Hausa kaɗai ta bi wannan turba ba. Binciken Joan Bybee da abokan aikinta na 1994, wanda ya kwatanta harsuna masu yawa daga sassan duniya, ya nuna cewa alamomin lokaci mai zuwa sun fi fitowa daga kalmomin tafiya, da na so, da na wajabci. A Larabcin Masar "rayih", wato mai tafiya, ta ragu ta koma "ha" a goshin aikatau. Turanci da Faransanci ma da aikatau na tafiya suke gina ɗaya daga cikin sigoginsu. Swahili kuwa ta bi ta ƙofar so: "ta" da ke cikin "nitasoma", zan karanta, daga "taka" ta fito, ma'ana so. Abin da ba a cika gani ba shi ne komawa baya, a ce ɗafi ya ɓalle ya zama cikakken aikatau.

Inda gangarar ta tsaya

Kiran ta "lokaci mai zuwa" yana da ɗan ruɗi. A "za mu fita ke nan sai ga baƙi", komai ya riga ya wuce, kuma wataƙila ba a ma fita ba. Abin da "za" ke nunawa shi ne aikin yana gaba da lokacin da ake magana a kansa, ko jiya ne ko gobe, kuma ƙamshin niyya da kusantowa bai bar ta ba. Ba ta kuma cinye fagen duka ba. Lokaci mai zuwa na biyu yana nan, kamar a "ma gani" ko "ya zo in ya samu hali" da doguwar murya mai faɗuwa, kuma ya fi dacewa da abin da ake tsammani ba tare da an ɗaure kai da alkawari ba. Idan jimla ta yi tsawo, "za" ba ta maimaituwa dole: "zan je in dawo".

A rubutu ne wannan rabin tafiya ke haddasa rikici. Ƙa'idar rubutun Hausa ta haɗe "zan" da "zai" saboda sun riga sun narke, ta raba "za ka", "za ki", "za ta", "za a", "za mu", "za ku" da "za su". Dubban masu rubutu a waya suna haɗe su duka, kuma kunnensu bai yi musu ƙarya ba, domin a furuci babu numfashi a tsakani. Amma ƙa'idar tana da hujjarta, kuma ita ake bi wajen duba takardun jarrabawar Hausa. In aka haɗe, "za ki" ta zama "zaki", "za ni" ta zama "zani" na ɗaurawa, "za ta" kuma ta rikice da "zata" na zato, har jimla irin "ta zata za ta zo" ta koma kalma guda da aka rubuta sau biyu.